Yadda za ka nemi ƙarin albashi ta saƙo bayan an yi maka tayin aiki da baki

Daga lokacin da aka kira ka aka ce an zaɓe ka zuwa lokacin da za ka sa hannu a takardar ɗaukar aiki, 'yan kwanaki ne kawai. A cikinsu ne maganarka take da nauyin da ba za ta sake samu ba nan kusa. Masu ɗaukar aikin sun riga sun tace takardu, sun gana da mutane, sun zauna sun tsayar da kai, kuma komawa kan na biyu ko sake buɗe neman ma'aikaci wahala ce a gare su. Da zarar ka sa hannu kuwa, ka shiga sahun sauran ma'aikata. Ƙarin albashi sai lokacinsa ya zo, kuma yawanci a kan adadin da ka fara da shi za a riƙa lissafa shi. Idan ka fara a ƙasa, giɓin zai daɗe yana bin ka.

Abin da nake so ka riƙe shi ne gajeren saƙo ya isa a yi wannan aikin, matuƙar ka san inda ladabi yake zama da inda tsayuwa take zama. Ladabi yana cikin gaisuwa da godiya da yadda ka jera kalmominka. Tsayuwa tana cikin adadin da ka rubuta. Masu yawa suna cakuɗa su, sai su sassauta adadin don a ga suna da kunya, ko su kausasa harshe don a ga ba su da tsoro. Duka biyun asara ne.

A kan waya: ka yi godiya, kada ka ce ka amince

Ciniki yana lalacewa ne tun kafin a rubuta saƙon farko. An kira ka, an faɗi adadi, murna ta kama ka, ka ce "ba komai, na amince". Magana zarar bunu ce. Idan ka dawo washegari kana neman ƙari, wanda ya kira ka ya riga ya kai wa na sama da shi rahoto cewa ka yarda, kuma yanzu sai ya koma ya warware abin da ya faɗa. Ka sa shi jin kunya, kai kuma an fara ganinka a matsayin mai magana biyu.

Abin da za ka faɗa a wayar kaɗan ne: "Na gode ƙwarai, na ji daɗin wannan labari. Don Allah a turo mini bayanin tayin a rubuce, in duba shi a natse, zan ba ku amsa nan da kwana biyu." Babu ƙi a cikin wannan, babu kuma amincewa. Kwana biyu ko uku lokaci ne da ba wanda zai ga baƙonsa. Idan an matsa maka cewa lallai sai ka amsa yanzu, ka maimaita godiyar, ka ce zuwa gobe da safe. Wurin da ba zai iya ba ka dare ɗaya ka yi tunani a kan abin da za ka rayu da shi ba, ya nuna maka wani abu game da halinsa, kuma ya kamata ka sa wannan cikin lissafi.

Idan kuma ka riga ka ce ka amince, ƙofar ba ta rufe gaba ɗaya ba muddin ba ka sa hannu ba, amma sai ka zo da dalili sabo na gaskiya, kamar cewa sai da bayanin ya zo a rubuce ka gane adadin kafin cire haraji ne. Ka faɗi hakan kai tsaye, kuma kada ka bari a kwana biyu.

Ka gane ainihin abin da aka taya maka

Adadin da ake faɗa da baki kusan kullum a dunƙule yake. Kafin ka ce ya yi ko bai yi ba, sai ka san abubuwa uku. Shin kafin a cire haraji da kuɗin fansho ne, ko abin da zai shigo hannunka ne? Nawa ne gundarin albashi a ciki, nawa ne alawus? Sannan akwai lokacin gwaji, wanda yawanci wata 3 ne ko 6, kuma ana biyan cikakken albashi a cikinsa? Tambaya ta biyu tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin a wurare da yawa ƙarin shekara da wasu haƙƙoƙi a kan gundarin albashi ake lissafa su, alawus kuwa ya fi saurin canzawa.

Bari mu bi misali ɗaya har ƙarshe. Lambobin na misali ne kawai, ka ɗauke su da kowane irin kuɗi ake biyanka. Wata akanta ce aka kira ta aka ce za a ba ta 400,000 a wata. A inda take aiki yanzu, 350,000 ne ke shigowa hannunta bayan an cire komai. A kunne, ƙarin 50,000 ne. Ba ta amsa ba, sai ta tura wannan saƙo bayan an ajiye waya:

"Assalamu alaikum Malama. Na gode da kiran ɗazu, na yi farin ciki da aka zaɓe ni. Don in fahimci tayin sosai: 400,000 ɗin kafin a cire haraji da fansho ne ko bayan an cire? Zan kuma so ganin yadda aka raba shi tsakanin gundarin albashi da alawus. Na gode."

Amsa ta zo cewa kafin cirewa ne. A ce abin da ake cirewa ya kai kashi 15 cikin ɗari. To 60,000 sun tafi, saura 340,000, wato ƙasa da abin da take karɓa yanzu da 10,000. Ga shi kuma sabon wurin ya fi nisa, zirga-zirga za ta ci mata ƙarin 20,000 a wata. Da ta amsa a waya, da ta karɓi ragin albashi tana murna. Ka lura wannan saƙon nata tambaya ce zalla, ba ta nemi ƙarin komai ba tukuna. Kada ka haɗa neman bayani da neman ƙari a saƙo ɗaya, domin ba ka san abin da kake ciniki a kansa ba sai amsar ta zo.

Lambobi uku kafin ka taɓa waya

Ka ɗauki takarda ka rubuta lambobi uku, ba wanda zai gan su sai kai. Na farko shi ne ƙasan da ba za ka sauka daga kansa ba. Na biyu shi ne abin da kake fatan a tsaya a kai. Na uku shi ne wanda za ka rubuta a saƙo, kuma ya ɗara na biyun kaɗan, domin da wuya a ba ka daidai abin da ka nema, galibi a tsakani ake haɗuwa.

Ƙasan naka daga halin da kake ciki yake fitowa. Akantar nan tana buƙatar 370,000 a hannu kafin a ce ba ta yi asara ba, wato 350,000 ɗinta na yanzu da 20,000 na zirga-zirga. Idan aka mayar da shi zuwa kafin cirewa, ya kama wajen 440,000, wanda zai bar mata 374,000. Lissafin kusa-kusa ne, tunda a ƙasashe da yawa kason haraji yana ƙaruwa idan albashi ya hau, don haka gara ka ɗan bar rata. Abin da take fata 450,000 ne zuwa 460,000. Abin da za ta rubuta 470,000, wato ƙarin kashi 17.5 cikin ɗari a kan tayin.

Daga ina adadi na uku yake fitowa? Daga abin da ake biyan masu irin aikinka da irin shekarunka: tallace-tallacen aiki da suka bayyana albashi, abokan sana'a da ka yarda da su, da wani tayin idan kana da shi. A ganina, neman ƙarin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari abu ne da za a saurara ba tare da an ɗaga gira ba. Idan ƙarin da kake buƙata ya kai rabin tayin ko fiye, to ba ƙaramin gyara ake magana ba, kun saɓa ne a kan matakin aikin kansa, kuma wannan sai an yi magana baki da baki.

Akwai iyaka ɗaya da ya kamata ka sani. Manyan ma'aikatu da yawa suna da matakan albashi, kowane mataki da ƙasansa da samansa, kuma jami'in da kake magana da shi ba shi da ikon tsallake saman. A aikin gwamnati da makamantansa, inda aka ƙayyade albashin kowane mataki, ba a cinikin adadi kwata-kwata. Abin da za ka iya tambaya a can shi ne ko shekarun aikinka da takardunka sun isa a ajiye ka a matakin da ya fi wanda aka ba ka.

Saƙon kansa

Wanda ya yi maka tayin shi za ka tura wa, kada ka tsallake shi ka nemi na sama. Idan kuna da imel a tsakaninku, ya fi, domin yana ajiye tarihi kuma yana da sauƙin turawa gaba. Idan tun farko ta WhatsApp ko tes kuke magana, ka ci gaba ta nan, amma a rubuce, kada ka yi saƙon murya. Ka tura a lokacin aiki, a dunƙule guda ɗaya, ba gutsi-gutsi ba. Ga abin da akantar ta rubuta:

"Assalamu alaikum Malama, barka da aiki. Na gode da bayanin da kika turo. Ina son wannan aiki, kuma a shirye nake in fara a ranar da kuka ambata. Na duba tayin, sai na ga bisa nauyin da ke cikin aikin, musamman rufe asusun wata-wata da kula da ma'aikata biyu, da kuma shekara 6 da na yi ina wannan aiki, albashin da ya dace shi ne 470,000 a wata kafin cirewa. Za a iya kai tayin zuwa wannan adadi? Na gode."

Jimloli biyar ne ko shida, kuma kowace da aikinta. Cewa tana son aikin ba ado ba ne. Jami'ar da ta karɓi saƙon ba ita ce mai yanke hukunci ba a mafi yawan lokuta, sai ta je ta roƙi wani ya amince da ƙarin, kuma ba za ta kashe mutuncinta a kan wadda ba ta da tabbacin za ta zo ba. Saboda haka ka rubuta saƙonka yadda za a iya tura shi ga shugaba ba tare da an goge ko kalma ɗaya ba.

Dalilin da ta bayar a kan aikin yake, ba a kan buƙatunta ba. Ba ta ambaci kuɗin zirga-zirga ba, ko da yake shi ya shiga lissafinta na sirri. Hidimar gida da tsadar rayuwa gaskiya ne, kuma suna da nauyi a kan kowa, amma ba hujja ba ce da jami'a za ta iya kai wa shugabanta, domin kowane ma'aikaci yana da irin tasa. Abin da za ta iya kaiwa shi ne: wannan matar za ta riƙe kaza da kaza, ta kuma yi shekara kaza tana yi. Dalili ɗaya ko biyu masu ƙarfi sun isa. Idan ka jera bakwai, mafi rauni a cikinsu za a kama a amsa maka.

Adadi ɗaya ta faɗa. Da ta ce "tsakanin 440,000 da 470,000", 440,000 kawai za a ji, kuma daga nan za a fara saukowa. Da ta ce "ko za a ɗan ƙara wani abu", za a iya ƙara 5,000 a ce an biya mata buƙata. Masana halayyar ɗan'adam Amos Tversky da Daniel Kahneman sun nuna tun 1974 cewa adadin da mutum ya fara ji yana jan ƙiyasinsa zuwa gare shi. A wannan ciniki, adadin farko nasu ne, 400,000. Idan ba ka ajiye naka a fili ba, nasu ne kaɗai zai riƙa jan maganar.

Sai abin da ta bari a waje, wanda a nan ne na fi ganin mutane suna cutar kansu. Ba ta ce "ku yi haƙuri da damunku" ba. Ba ta ce "amma idan ba zai yiwu ba, ba komai" ba. Wannan jimla ta biyu tana fitowa ne daga kyakkyawar tarbiyya, na sani, amma ma'anarta a wurin mai karatu ita ce ka riga ka ba shi izinin cewa a'a. Ka yi tambayarka, ka yi godiya, ka tsaya. Haka nan ba ta yi barazana ba, ba ta kuma ƙirƙiri wani tayi da babu shi ba. Idan da gaske kana da wani tayin, jimla ɗaya ta isa: "Ina da wani tayi a hannu na 460,000, amma nan na fi so." Idan babu, kada ka ƙirƙira. Za a iya ce maka to ka karɓi wancan, ko a nemi ganin takardar, kuma ƙarya a ranar farko ba ta gyaruwa.

Bayan ka tura

Yanzu sai jira, kuma shi ne mafi wuya. Shiru na kwana ɗaya ko biyu yawanci yana nufin ana neman amincewar wani ne. Kada ka biyo da saƙo na biyu kana rage adadin da kanka, domin yin haka ciniki ne da kanka tun ba a ce maka komai ba. Idan kwanakin aiki uku sun wuce, ko wa'adin ba da amsarka ya kusa, ka tura layi biyu: "Barka da aiki Malama. Ina tuni ne a kan saƙona game da albashi, don in samu in ba ku amsa a kan lokaci."

Ita akantar, amsa ta zo mata washegari cewa za a iya kai shi 430,000. Wannan labari ne mai kyau ta wani ɓangare, tunda ya nuna akwai wurin motsi, amma yana ƙasa da 440,000 da ta rubuta wa kanta. A nan ne amfanin takardar nan yake fitowa, domin ba ta tsaya tana wasiwasi ba. Ta amsa:

"Na gode ƙwarai da ƙoƙarin da kika yi, Malama. Idan za a iya kai shi 450,000, zan sa hannu a ranar da takardar ta iso."

Wannan saƙo na biyu ya fi na farko ƙarfi, saboda ta sauko, ta kuma ba su abin da suke so, wato tabbacin cewa magana ta ƙare. Amma alkawari ne, don haka kada ka faɗe shi sai kana nufinsa. Idan suka ce sun yarda, babu sauran dawowa da wata buƙata. Zagaye biyu ya wadatar. Na uku yakan fara ɓata zumuncin da za ka shiga aiki da shi. Saboda wannan ne kuma, idan akwai wani abu ban da albashi da ya dame ka, kamar ranar farawa, ka sa shi tun a saƙon farko, kada ka fito da shi bayan an daidaita kuɗi.

Aka dawo mata da cewa 440,000 ne saman matakin, ba za a iya wucewa ba. Idan aka ce maka haka, ka ɗauka gaskiya ne, kada ka yi musu a kan abin da ba ka gani ba. Sai ka karkata zuwa abin da matakin bai ɗaure ba: alawus na zirga-zirga, kuɗin horo ko na jarrabawar ƙwarewa, ƙarin kwanakin hutu, ko sake duba albashi bayan lokacin gwaji. Ka zaɓi ɗaya, wanda ya fi maka amfani. Ita ta zaɓi na ƙarshe:

"Na fahimta, kuma na gode. Na amince da 440,000, idan za a rubuta a takardar cewa za a sake duba albashin bayan wata 6."

Ka san iyakar wannan: alkawarin sake dubawa ba alkawarin ƙari ba ne. Idan za ka samu a rubuta adadin da za a koma da sharaɗin da za a cika, ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma ko rubuta watan kaɗai ya fi "za mu gani nan gaba" da aka faɗa da baki, domin wanda ya faɗa yana iya barin wurin kafin lokacin ya zo.

Wani lokaci amsar saƙonka kira ne. Ka ɗauka, ba laifi ba ne, sau da yawa ma alama ce ta ana son a daidaita da sauri. Ka ajiye takardar lambobinka a gabanka, ka maimaita adadinka ba tare da dogon bayani ba, kuma idan an kawo sabon adadi kana da damar cewa za ka amsa zuwa yamma. Bayan kiran, ka tura saƙo mai taƙaita abin da kuka tsayar, ka nemi a tabbatar.

Idan kuma an tsaya a ƙasa da ƙasanka, kuma babu wani abu da zai cike giɓin, to zaɓi biyu ne. Ko ka karɓa da saninka saboda wani dalili da ya fi kuɗin a wurinka, kamar rashin wani aiki a hannu, wanda ba abin kunya ba ne, ko ka ƙi cikin mutunci: "Na gode da lokacinku da amincewar da kuka nuna mini. A wannan adadi ba zan iya karɓa ba, amma ina fatan wata dama za ta sake haɗa mu." Tsoron da ke hana mutane tambaya shi ne kada a janye tayin. Yana iya faruwa, ba zan ce maka ba ya faruwa ba, kuma haɗarin ya fi yawa idan adadin ya yi nisa da hankali, ko an yi barazana, ko an warware amincewar da aka riga aka bayar. Idan ba ka da wani abin dogaro kuma ba za ka iya jure rasa aikin ba, ka nemi ƙari kaɗan, ka tsaya a zagaye ɗaya.

Kafin ka ajiye tsohon aikinka

Yarda ta saƙo ba ita ce takardar ɗaukar aiki ba. Ka jira takardar ta zo, ka karanta ta layi-layi kana gwada ta da saƙonninku: adadin, ko kafin cirewa ne ko bayan cirewa, rabon gundarin albashi da alawus, sunan muƙamin, ranar farawa, tsawon lokacin gwaji, da duk wani abu da aka yi maka alkawari. Ba abin mamaki ba ne takarda ta fito da tsohon adadi, domin sau da yawa an shirya ta tun kafin ku yi ciniki. Idan ka ga haka, kada ka sa hannu da niyyar a gyara daga baya. Ka rubuta: "Na ga takardar ta nuna 400,000, alhali mun tsaya a kan 440,000 da sake dubawa bayan wata 6. Don Allah a gyara a sake turo mini." Sai gyararriyar ta iso, ka sa hannu, ka ajiye kwafinka, sannan ka miƙa takardar ajiye aiki a inda kake, tare da kiyaye wa'adin sanarwa da ke cikin tsohuwar yarjejeniyarka.